Takardar haihuwa ta iso a dushe: me WhatsApp yake yi wa hotunanmu?

Malam Bello, Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman taimakonku a kan wata matsala. Takardar haihuwar ɗana tana hannun ƙanena a Kusiri, makarantar da zan sa yaron kuma ta yarda ta karɓi kwafi kafin ta asalin ta iso. Ƙanen nawa ya ɗauki hoton takardar ya turo mini ta WhatsApp, a fuskar waya ana ganinta lafiya lau, amma da aka buga ta a shago sai lambar rajista da rubutun cikin hatimi suka zama ba sa karantuwa, har ba a iya bambance 3 da 8. Shi kuwa ya rantse cewa a wayarsa hoton garau yake. Ina matsalar take, kuma yaya za a gyara?

Hamidu, Ngaundere:
Wa alaikumus salam Malam. A ganina rashin ƙarfin sadarwa ne. Idan sabis ya yi rauni hoto yakan iso a dushe, na sha ganin haka idan na je ƙauye. Ka ce masa ya nemi wurin da sabis yake da ƙarfi ya sake turowa.

Malam Isiyaku, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ina da shagon buga takardu, kuma kusan kullum sai an kawo mini irin wannan. Hamidu, abin da ka gani gaskiya ne, amma wani abu ne daban. Kafin hoto ya sauka a waya, WhatsApp yana nuna wani ɗan ƙaramin samfurinsa a dushe, da alamar saukewa a tsakiya, kuma idan sabis ba shi da ƙarfi mutum zai daɗe yana kallon wannan samfurin. Da zarar hoton ya gama sauka, abin da ka samu daidai yake da abin da wanda yake tsakiyar birni zai samu. Rashin sabis yana jinkirta hoto, ba ya rage shi.

Ragewar tana faruwa ne tun a wayar mai turawa. Idan ka zaɓi hoto daga cikin hotunan wayarka ka tura shi yadda aka saba, manhajar tana yi masa abu biyu kafin ya fita. Na farko, tana rage girmansa. Kowane hoto ƙananan ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma wayoyi da yawa suna ɗaukar hoto mai tsawon fiksel 4000 da faɗin 3000, wato fiksel miliyan 12. WhatsApp yana mayar da dogon ɓangaren kusan 1600, hoton ya koma 1600 da 1200, wanda bai kai fiksel miliyan 2 ba. Na biyu, yana ƙara matse abin da ya rage, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido ba ya saurin lura da su. Shi ya sa hoton da ya kai mega 3 ko 4 a wayar ƙanenka zai iso maka bai fi kilobayit 200 ko 300 ba. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba, Malam Bello, domin shi asalin hoton yake kallo, kai kuma ragowarsa aka kawo maka.

Malam Bello, Garwa:
Na gode Malam Isiyaku. Na duba, nauyin nawa kilobayit 180 ne. Amma abin da ban gane ba shi ne, me ya sa a waya nake ganinsa da kyau, sai an buga ne yake lalacewa?

Malam Isiyaku, Marwa:
Saboda fuskar waya ƙarama ce. Yawancin wayoyin da ke hannunmu faɗin fuskarsu fiksel 720 ne ko 1080, don haka hoto mai faɗin 1200 ya ishe ta har da ragi. Takarda kuwa ba ta yafiya. Ka ba ni amsar tambaya ɗaya tukuna: takardar ta cika hoton daga sama har ƙasa, ko ana ganin abin da aka ɗora ta a kai?

Malam Bello, Garwa:
A kan tabarma ya ajiye ta, kuma tabarmar ta fito sosai, har da gefen ƙafarsa. Takardar ba ta wuce rabin tsawon hoton ba.

Malam Isiyaku, Marwa:
To, ga lissafin. Idan takardar ta ci rabin tsawon hoton, a asali ta samu fiksel 2000 daga cikin 4000. Bayan ragewa ta koma 800 daga cikin 1600. Da ka je shago, an buɗe waɗannan 800 ɗin a kan takardar A4, wadda tsawonta santimita 29.7 ne, ka ga kowace santimita ta samu kamar fiksel 27 ke nan. Lambar rajista ko rubutun hatimi tsayinsu bai fi milimita 2 ba, wato fiksel 5 kacal. Da ɗigo biyar ba za a iya zana 3 yadda za ta bambanta da 8 ba, musamman idan tawadar hatimin ta riga ta koɗe, kuma matsewar ta shafe gefen layukan.

Da asalin hoton ne ya iso hannunka, wannan lambar za ta samu kamar fiksel 13, kuma za ta karantu. Da kuma ya matso da wayar har takardar ta cika hoton, sannan ya turo asalin, za ta samu wajen 27. Mu masu bugu muna son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan 118 a santimita, kuma takardar A4 a wannan ma'auni tana buƙatar fiksel 3508 da 2480. Ka ga hoton waya mai 4000 da 3000 ya isa, idan dai ba a kashe rabinsa a kan tabarma ba.

Saboda haka gyara biyu ne. Ya sake ɗauka da manhajar kyamarar wayar, ba kyamarar da ke cikin WhatsApp ba, a waje cikin inuwa inda haske ya wadata, ya goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi domin ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna dusashe hoto tun kafin a je ga turawa, kuma ya cika hoton da takardar. Sannan ya turo shi a matsayin fayil.

Alhaji Sule, Kusiri:
Ni dai shawarata ita ce a daina wahala da ƙananan wayoyi. Yarona ya sayo mini wadda aka rubuta 50 MP a jikin kwalinta, tun daga nan ban sake jin wani ya yi ƙorafin hotona ba. Malam Bello, idan ƙanenka yana kusa da kasuwa ya zo a ɗauka da tawa.

Malam Isiyaku, Marwa:
Allah ya saka da alheri Alhaji, tayin taimako ne mai kyau. Sai dai ko da wayarka aka ɗauka, idan aka tura ta hanyar da aka saba, 1600 ɗin nan dai za a mayar da shi. Babbar kyamara takan ba da haske da launi masu kyau, shi ya sa ba a yi maka ƙorafi, amma yawan fiksel ɗinta ba ya tsallake wannan ƙofar. Ƙari a kan haka, wayoyi masu 50 MP, wato fiksel miliyan 50, galibi suna haɗa fiksel huɗu su zama ɗaya, su ba ka hoto mai miliyan 12 da rabi, sai idan ka shiga kyamarar ka zaɓi cikakken girman da kanka.

Malam Bello, Garwa:
Ina roƙon a bayyana mini turawa a matsayin fayil dalla-dalla, domin zan karanta masa ne ta waya, kuma wayarsa da Faransanci take.

Malam Isiyaku, Marwa:
Ya buɗe hirarku, ya taɓa alamar maƙalar takardu da ke gefen wurin rubutu. Zai ga zaɓuɓɓuka, cikinsu akwai Galerie da Document. Hannu ya saba zuwa Galerie, to wannan karon ya taɓa Document. A sababbin fitowar manhajar zai ga wurin zaɓar hoto daga cikin hotunansa a nan take. Idan tasa tsohuwa ce, sai ya shiga binciken fayilolin wayar, ya nemi babban fayil mai suna DCIM, a cikinsa akwai Camera, nan ne hotunan da kyamara ta ɗauka suke zama. Ya zaɓi hoton ya tura.

Kai kuma za ka gane ya yi daidai idan saƙon ya iso da sunan fayil da nauyinsa a rubuce a ƙasa, misali 3,4 Mo, maimakon hoto shimfiɗe a cikin hira. WhatsApp ba ya taɓa abin da aka turo ta wannan hanya, yadda ya shiga haka yake fita, kuma tun 2022 yana karɓar fayil har giga 2. Idan ka je shago, kada ka buɗe hoton ka ɗauki hoton fuskar waya ka ba su, kada kuma ka sake tura musu shi ta Galerie. Ka danne saƙon ka zaɓi Transférer zuwa lambar mai shagon, ko a haɗa wayarka da kwamfutarsu da igiya.

Hajiya Rabi, Njamena:
Sallama gare ku. Na daɗe ina karanta wannan zaure ban taɓa magana ba, amma yau an taɓo abin da ya dame ni. Ina sayar da atamfa da shadda da lafaya, kuma yawancin masu saye hoto suke gani kafin su aiko da kuɗi. Shadda ce ta fi ba ni wahala, domin zanen da ke cikin saƙarta launi ɗaya ne da jikinta, sheƙi kawai yake bambanta su. A hoto sai zanen ya narke, mai tsada ta yi kama da mai araha. Da na ji labarin wannan hanya ta fayil na gwada, sai wata mai saye ta ce na cinye mata mega, wata kuma ta ce ta duba cikin hotunanta ba ta ga komai ba. Ni kam ban ga ribarta ba.

Hamidu, Ngaundere:
Hajiya, ai akwai HD yanzu. Idan kin zaɓi hoto, kafin ki tura za ki ga alamar HD a sama, ki taɓa ta. Wannan ya maye gurbin turawa ta fayil, hoton yana tafiya da cikakken kyawunsa.

Malam Isiyaku, Marwa:
Hamidu ya ba ki shawara mai kyau, Hajiya, amma maganarsa ta ƙarshe tana buƙatar gyara. An kawo HD a 2023, kuma abin da yake yi shi ne barin hoton da girma, har wajen fiksel 4000 a dogon ɓangaren, sai dai yana matse shi duk da haka. Ba asalin ba ne, tsaka-tsaki ne. Ga mai kallon atamfa a fuskar waya, wanda zai ɗan buɗe hoton da yatsu biyu ya duba zane, HD ya isa, yana shiga cikin hotunanta yadda ta saba, kuma nauyinsa bai kai na asali ba. Ana iya mayar da shi na dindindin a Paramètres, ƙarƙashin Stockage et données, don kada ki riƙa taɓawa kowane lokaci.

Ƙorafin matan nan biyu kuwa duk gaskiya ne. Hoto goma ta hanyar da aka saba ba su fi mega 2 ko 3 ba, amma goma na asali za su iya kai mega 40, wanda kuɗi ne ga mai sayen data ta sefa ɗari ko ɗari biyu. Abin da aka turo a matsayin fayil kuma yana sauka ne a WhatsApp Documents, ba tare da sauran hotuna ba, shi ya sa a wasu wayoyi ba a ganinsa sai an koma cikin hirar. Ni a wurina turawa ta fayil ta abin da za a buga ce, ko za a gyara a kwamfuta, ko za a adana: takardun shaida, hoton katin biki, hoton da za a yi babban allo da shi.

Game da shadda, matsewar ce take cinye zanen, domin tana raba hoto ƙananan murabba'ai, inda kuma launuka suka yi kusa da juna sai ta haɗe su su zama ɗaya. Abin da zai fi taimakon ki shi ne ki ɗauki hoto biyu, ɗaya na turmin gaba ɗaya, ɗaya kuma ki matso sosai har faɗin tafin hannu na ƙyallen ya cika hoton, hasken kuma ya zo daga gefe don sheƙin ya tashi. Zanen da ya fito da girma ba ya narkewa ko an rage hoton.

Hajiya Rabi, Njamena:
Wannan na matsowa kusa zan gwada shi gobe da safe in Allah ya kai mu. Amma launi fa? Wata ta dawo mini da lafaya, ta ce a hoto ruwan ƙasa ta gani, da ta iso sai ga ta ja.

Malam Isiyaku, Marwa:
Wannan ba na jin turawa ce ta jawo shi. Kyamara takan sauya launi gwargwadon hasken wurin, musamman ƙarƙashin ƙwan lantarki, fuskokin wayoyi kuma ba sa nuna launi iri ɗaya. Ko ta fayil kika tura, wannan matsalar tana nan. Ki ɗauka da rana cikin inuwa, ki kwatanta hoton da ƙyallen da idonki kafin ki tura.

Zainabu, Marwa:
Ina wuni iyayena. Ina so in ƙara abu biyu da na ci karo da su a makaranta. Na farko, hoton da aka tura a matsayin fayil yana tafiya da duk bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, kamar ranar da aka ɗauka da lokaci da irin wayar, kuma idan an bar kyamara tana rubuta wuri, har da inda aka tsaya aka ɗauka. Turawa ta hanyar da aka saba tana goge waɗannan. Mama Hajiya tana ɗaukar hotuna a cikin gidanta tana tura wa mutanen da ba ta sani ba, don haka ina ganin wannan ma dalili ne da zai sa ta tsaya a kan HD, ko kuma ta kashe rubuta wuri a saitin kyamararta.

Na biyu, masu iPhone su lura cewa wayarsu takan adana hoto a tsarin HEIC, ba JPEG ba. Idan an tura shi a matsayin fayil yana iya isa a haka, tsofaffin kwamfutoci da wasu wayoyi kuma ba sa buɗe shi. A Réglages, ƙarƙashin Appareil photo da Formats, ana iya zaɓar Le plus compatible, daga nan hotunan da za a ɗauka za su zama JPEG.

Malam Isiyaku, Marwa:
Allah ya yi miki albarka Zainabu, duka biyun haka suke. HEIC ɗin nan ya sha tsayar mini da aiki a kan tsohuwar kwamfutar shago.

Malam Bello, Garwa:
Jama'a, ya turo ta Document kamar yadda aka ce, amma nauyin da nake gani 180 Ko ne, kuma hoton bai canza ba ko kaɗan.

Malam Isiyaku, Marwa:
Karanta mana sunan fayil ɗin.

Malam Bello, Garwa:
Ya fara da IMG, sai kwanan wata, sai WA0012 a ƙarshe.

Malam Isiyaku, Marwa:
To, ga matsalar nan. Hoton da ka ga WA da lambobi huɗu a ƙarshen sunansa, galibi ya riga ya bi ta hannun WhatsApp an rage shi. Ƙanenka ya ɗauko kwafin da aka matse ne daga fayilolin manhajar, ya sa shi a Document. Wannan hanya tana kiyaye abin da aka ba ta ne kawai, ba ta mayar da abin da ya riga ya zube, kamar yadda ba a mayar da gari ya koma gero. Ka ce masa ya bar tsohon gaba ɗaya, ya ɗauki sabo, ya buɗe shi a cikin hotunansa ya duba Détails. Idan ya ga lambobi irin 4000 da 3000 da nauyin da ya haura mega 2, shi ne zai turo.

Alhaji Sule, Kusiri:
Wannan ya tuna mini da abin da nake gani. Hoto idan ya zaga zaure biyar ko shida, kafin ya iso gare ni ya zama kamar an jiƙa shi. Ashe kowace turawa tana rage shi ke nan.

Hamidu, Ngaundere:
Haka ne Alhaji, duk wanda ya tura gaba sai an sake matse shi.

Malam Isiyaku, Marwa:
A nan ban yarda ba. Na kwatanta nauyin hoto kafin a danna Transférer da bayan an danna, na same shi ɗaya, domin fayil ɗin da aka riga aka matse ne ake miƙawa gaba. Lalacewar tana zuwa ne daga abin da mutane suke yi a tsakani: wani ya ɗauki hoton fuskar waya, wanda yake mayar da hoton girman fuskar wayarsa, wani ya yanke gefe ko ya yi rubutu a kai, wani ya sa shi a Statut wani kuma ya kwafo daga can, wani ya ɗauko daga Facebook inda aka yi masa tasu matsewar. Kowanne daga cikin waɗannan sabon adanawa ne, kuma JPEG yana asara duk lokacin da aka sake adana shi.

Hamidu, Ngaundere:
Da girmamawa Malam, ni na ga hoton da ba wanda ya taɓa shi, turawa kawai aka yi ta yi, kuma ya lalace. Zan nemo shi in kwatanta da na wanda ya fara turowa.

Malam Isiyaku, Marwa:
Ka kwatanta, ka kawo mana nauyin kowanne da girmansa, ina so in gani. Ka tabbatar dai da cewa duk waɗanda ya bi ta hannunsu Transférer suka danna, ba adanawa suka yi suka sake zaɓa daga Galerie ba.

Malam Bello, Garwa:
Sabon ya iso, 3,1 Mo ne, takardar ta cika hoton. Lambar rajista ta fito sarai, kuma ashe 8 ce. Sai dai rubutun ƙasan takardar, wajen sa hannu, yana da ɗan inuwa kamar an rubuta shi sau biyu.

Malam Isiyaku, Marwa:
Wannan ba matsewa ba ce. Matsewa tana nuna kanta da ƙananan murabba'ai da ɗan datti kewaye da haruffa idan ka buɗe hoton sosai. Rubutun da ya ninku ya ja gefe ɗaya kuwa rawar hannu ce lokacin ɗauka, idan kuma ɓangare ɗaya ne kawai ya dushe, wataƙila wayar a karkace take, kyamara ta kama sama ta saki ƙasa. Ya riƙe wayar da hannu biyu daidai saman tsakiyar takardar, ya taɓa rubutun a fuskar waya ya jira ya fito garau, ya ɗauki uku ya duba ƙasan kowanne kafin ya zaɓa. Idan ma akwai shagon da ke da na'urar sikana kusa da shi a Kusiri, ya kai takardar a yi mata a ɗigo 300 a kowane inci, su ba shi PDF ya turo ta Document ɗin nan, ya fi duk abin da waya za ta ɗauka.

Malam Bello, Garwa:
Ya ce magariba ta yi, haske ya tafi. Da safe zai fara leƙa shagon, idan babu wuta ya sake ɗauka da wayar.